Yadda ake rubuta takardar miƙa aiki idan kai ne mai kula da ERP kuma za ka bar wurin

Takardar miƙa aiki ba daga ka ake rubuta ta ba. Mutumin da ya daɗe yana kula da ERP, wato manhajar da ke haɗa lissafi da kaya da cinikin kamfani, ya manta da mafi yawan abubuwan da ya ƙulla a ciki, domin abin da ke tafiya lafiya ba ya tuna wa kowa da kansa. Saboda haka ka fara da tambayar injin, ya lissafa maka duk abin da yake yi, sannan ka zauna ka rubuta dalilin kowane ɗaya. A kan kowane abu kuma tambaya guda za ka riƙa yi: ranar da aka rufe asusuna, wannan zai ci gaba da aiki ko zai tsaya?

Domin maganar ta zauna a ƙasa, mu ɗauki misalin wani kamfanin sari a Maradi, mai biro a cikin gari da mangaza biyu, yana sayar da sabulu, taliya da batir ga ƴan kasuwa, wani kayan kuma daga Kano yake shigowa ta Ɗan Issa. Suna aiki da Odoo 16 a kan saba mai Ubuntu da ke ajiye a biro, rumbun bayanansu PostgreSQL, lissafinsu kuwa a kan tsarin SYSCOHADA. Wanda ke aiki da wata manhaja daban sunaye ne kawai za su canza masa.

Mataki na farko: ka fito da ayyukan da ke tashi da kansu

A irin wannan saba wuri biyu suke zama, kuma mutane kan tuna da ɗaya su bar ɗaya. Na farko yana cikin Odoo. Ka kunna yanayin masu gina manhaja, ka shiga Paramètres, ka buɗe Technique, ka nemi Actions planifiées. Ka tabbatar allon yana nuna maka har waɗanda aka kashe. Ni na fi son in ɗauko su kai tsaye daga rumbun, domin a nan ne sunan mai gudanar da kowane aiki ke fitowa kusa da shi:

```
SELECT c.cron_name, u.login, c.active,
       c.interval_number, c.interval_type, c.nextcall
FROM ir_cron c JOIN res_users u ON u.id = c.user_id
ORDER BY u.login;
```

Yawancin layukan na Odoo ne da kansa, ba su buƙatar dogon bayani. Waɗanda za ka ja wa layi su ne masu ɗauke da sunanka a gurbin `login`. Idan ka ƙirƙiri aiki da hannunka, da sunanka yake shiga in ba ka canza ba, kuma da ikonka yake gudana. Ranar da aka cire ka daga rukunin lissafi, aikin da ke tura wa masu bashi takardar tuni zai nemi karanta faktir a hana shi. Ba wanda zai ga komai a allonsa. Kuskuren zai kwanta a fayil ɗin tarihin saba, wanda ba mai buɗe shi sai kai da ka tafi.

Ka lura da `nextcall`: Odoo da agogon UTC yake ajiye lokaci, Nijar kuwa tana gabansa da awa ɗaya. In ka ga 01:00 a rumbu, ƙarfe 2 na dare ke nan a Maradi. A cikin takarda ka rubuta lokacin Maradi, ka faɗa sau ɗaya a sama cewa haka ka yi.

Wuri na biyu shi ne sabar kanta, kuma a nan ne manyan abubuwa suka fi ɓuya:

```
sudo ls /var/spool/cron/crontabs
sudo crontab -l -u sunanka
cat /etc/crontab; ls /etc/cron.d
systemctl list-timers --all
```

A kamfanin misalinmu, kwafin ajiya na kowane dare yana cikin `crontab` na mai kula da kansa, haka:

```
30 1 * * * /home/sunanka/bin/ajiya.sh
```

Wannan layi ɗaya ya rataya a wuyanka ta hanya uku. Fayil ɗin yana cikin gidanka na saba. Kalmar sirrin rumbun tana cikin `~/.pgpass` naka. Shi kansa jadawalin kuma naka ne: in aka goge asusunka da `deluser`, `crontab` ɗinka ya bi shi, in kuma aka sa wa asusun ranar ƙarewa, `cron` zai ƙi gudanar da aikin. Kulle kalmar sirri kaɗai da `passwd -l` ba ya tsayar da shi, shi ya sa wani lokaci komai zai ci gaba har watanni, sai ranar da wani ya zo share tsofaffin asusu ajiya ta yanke shiru. Ba za a gane ba sai an nemi kwafin, lokacin da ake cikin tsananin buƙatarsa.

Kafin ka rubuta, ka gyara

Mataki na biyu ba rubutu ba ne. Abin da za ka iya kwancewa daga sunanka, ka kwance shi tun kana nan, maimakon ka bar wa magajinka bayanin yadda zai yi. Ka buɗe asusun aiki a cikin Odoo wanda ba na mutum ba, ka ba shi ikon da ayyukan ke buƙata kawai, ka mayar da su kansa. A saba ka kwashe fayilolin daga gidanka zuwa wuri irin `/opt`, jadawalin ya koma `/etc/cron.d` da sunan wani asusun aiki na sabar. Ka bincika cikin fayilolin ko akwai wanda ke shiga Odoo da sunanka ko da mabuɗin API naka, domin wannan kam da an rufe ka ya mutu nan take. Ka duba kuma akwatin imel da Odoo ke aika saƙo ta cikinsa, da lambar wayar da ake turo wa lambar tabbatarwa. Sau da yawa taka ce.

Bayan ka gama, ka sa a rufe asusunka na dare biyu a matsayin gwaji alhali kana gari. Duk abin da ya faɗi a waɗannan darare, shi ne abin da da zai faɗi a hannun magajinka. Kada ka yi gwajin a ƙarshen wata, lokacin da kwantabul ke rufe littafi.

Abin da ake rubutawa a kan kowane aiki

Sunan aiki da lokacinsa injin ya riga ya ba ka. Abin da babu a injin shi ne dalili, da alamar da ke nuna ya yi ko bai yi ba, da abin da za a yi in bai yi ba. Ga yadda zan rubuta na ajiya, a matsayin samfuri:

"Malam, ajiyar dare tana tashi ƙarfe 1:30. Tana ɗaukar rumbun da `pg_dump -Fc`, sannan ta kwafi `filestore`, ta kai su faifan waje da ke cikin kabad. Abu biyu ne, kada ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya: takardun da aka maƙala wa faktir da hotunan kaya ba a rumbu suke ba, suna cikin `filestore`. Kowace safiya ka duba akwai fayil mai kwanan yau, kuma girmansa bai yi ƙasa da na jiya sosai ba. Fayil ƙarami ƙwarai yana nufin aikin ya yanke a tsakiya, galibi faifan ne ya cika. In babu fayil ɗin sam, ka tambayi maigadi ko an ɗauke kuran cikin dare batirin saba ya ƙare. Ka gudanar da shi da hannu, ba ya ɓata komai ko sau nawa aka maimaita."

Jimlar ƙarshen nan tana da nauyi. A kan kowane aiki ka faɗa ko ana iya maimaita shi. Ajiya ana iya maimaitawa. Aikin da ke tura wa ƴan kasuwa tunin bashi, ko wanda ke shigar da rubutu a littafin lissafi, in aka danna shi sau biyu yana iya aika saƙo biyu ko ya rubuta abu biyu, kuma Alhajin da ya samu tuni biyu a rana ɗaya ba kai zai kira ba, darakta zai kira.

Maganar kuran kuma ba a gefe take ba a garinmu, musamman a bazara. Ayyukan nan iri biyu ba hali ɗaya suke nunawa ba idan saba ta mutu. Aikin Odoo da lokacinsa ya wuce zai tashi da zarar saba ta dawo, ko da tsakar rana ce ana cikin ciniki, don haka mai nauyi yana iya sa allon masu sayarwa ya riƙa jan ƙafa da hantsi. Shi kuwa `cron` ba ya rama abin da ya wuce: in 1:30 ta same shi a kashe, wannan daren babu ajiya ke nan. Wanda yake son a rama masa sai ya mayar da aikin kan agogon `systemd` da `Persistent=true`. Ka rubuta wa magajinka wanne ne ke ramawa, wanne ne ba ya ramawa.

Akwai kuma ayyukan da ba su cikin kowane jadawali domin kai ne jadawalin. A misalinmu farashin naira ne. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655,957, wannan ba mai taɓa shi. Naira kuwa mai kula ne ke shigar da ita da hannu kowace Litinin, bayan ya ji farashin da kamfanin ya yi canji. In an daina shigarwa Odoo ba zai ce uffan ba, zai ci gaba da amfani da farashi na ƙarshe da ya gani, kuɗin sayen kayan Kano ya riƙa fitowa a karkace, ribar da rahoto ke nunawa ta bi shi. Hanyar tono irin waɗannan ita ce ka ajiye takarda a gefenka wata guda kafin tafiyarka, duk abin da hannunka ya yi ba tare da an roƙe ka ba ka rubuta shi.

Rahotannin da kai ka gina

A nan ma ka fara da nema. Wasu suna cikin manhajojin da kuka ƙara, a hanyar da `addons_path` ke nunawa cikin `odoo.conf`. Wasu tambayoyin SQL ne da aka ajiye a rumbu, `\dv` a cikin `psql` zai jero su, sai ka ware naka daga na Odoo. Wasu fayilolin Excel ne da ke jan bayani daga rumbu, suna kwance a kwamfutarka. Wasu kuma ba rahoto ba ne ma, tacewa ce da ka adana a Favoris, wadda kai kaɗai ke ganinta in ba ka raba ta ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi saurin ɓacewa, ga shi sau da yawa shi ne abin da darakta ke kira "rahoton nan na Juma'a".

Bayanin rahoto ba kwafin lambarsa ba ne, magajinka zai iya karanta SQL da kansa. Abin da yake nema shi ne: wa ke karanta shi, wace shawara ake yankewa da shi, me aka bari a waje da gangan, kuma da wane adadi ake gwada shi a san daidai ne. Bari mu bi ɗaya har ƙarshe.

Rahoton ciniki na wata, wanda kwantabul ke dubawa kafin ta cika takardar TVA ta kai wa DGI, wato hukumar haraji. Yana karanta `account_move`, yana ɗaukar waɗanda `state` ɗinsu `posted` ne kawai, iri biyu: `out_invoice`, wato faktir, da `out_refund`, wato takardar mayar da kaya. A ɗauka a wani wata an yi faktir na sefa 12.400.000 kafin haraji, duka na kayan da ake ɗora wa kashi 19, aka kuma dawo da kayan 600.000. Cinikin gaskiya 11.800.000 ne, harajinsa 2.242.000. Wanda ya sake gina rahoton ya manta da kayan da aka mayar zai samu 2.356.000, bambancin 114.000. Wanda kuma ya haɗa su amma ya tara `amount_untaxed` a maimakon `amount_untaxed_signed` zai samu 13.000.000, domin a gurbin farko takardar mayarwa ba ta da alamar ragi, sai ta ƙaru a maimakon ta ragu. To ka rubuta wannan a takarda, ka ƙara da magwaji: jimlar rahoton ta yi daidai da motsin asusun ciniki 701 na wannan wata, harajin kuma da na asusun TVA 443. In ba su haɗu ba, a fara neman rubutun da aka shigar da hannu a waɗannan asusu ba ta hanyar faktir ba.

Ka maƙala kwafin rahoton na wata ɗaya da aka riga aka rufe, wanda kwantabul ta amince da shi. Duk ranar da magajinka ya taɓa rahoton ko aka sabunta manhaja, sai ya sake fitar da wannan watan ya gani ko adadin ya motsa.

Rahoton shiga da fitar kaya yana da nasa tarko, kuma awa ɗayar nan ce ta dawo. Kwanan faktir rana ce kawai, ba ta da awa, don haka ba ta da matsala. Motsin kaya a `stock_move` kuwa da awa yake, a UTC. Motar da aka sauke aka tabbatar da ita ƙarfe 00:30 na daren 1 ga Maris, a rumbu 23:30 ce ta ranar ƙarshe ta Fabrairu. Allon Odoo yana juya wa mai kallo lokacin, amma SQL da ka rubuta da hannu ba ya juyawa sai ka ce masa:

```
(m.date AT TIME ZONE 'UTC') AT TIME ZONE 'Africa/Niamey'
```

In rahotonka ba ya yin haka kuma ba ka samu damar gyarawa ba, ka faɗa a fili, don kada a je ana zargin mai mangaza da lodin da bai ɓata ba.

Matsalolin da ba ka warware ba

Wannan sashe ne mutane ke taƙaitawa saboda kunya, su rubuta "wani lokaci kaya ba sa daidaita" su wuce. Jimla irin wannan ba ta da amfani ga kowa. Matsala ana rubuta ta ne yadda wani zai ɗora daga inda ka tsaya: abin da ake gani, tun yaushe, lambar takarda ɗaya da za a buɗe a gan shi, abin da ka gwada bai yi ba, dabarar da ake lallaɓawa da ita yanzu, da wanda ke jiran amsa. Ka raba abin da ka tabbatar da abin da kake zato, da waɗannan kalmomin ma. Misali:

"Sabulun katan yana nuna ƙasa da sifili a mangaza ta biyu kusan kowane mako. Na tabbatar: ana tabbatar da fitar kaya kafin a shigar da takardar karɓarsu daga mangaza ta farko, domin mota kan riga takarda isa. Ina zato, ban tabbatar ba: wannan ne ke karkatar da kuɗin saye na wannan kaya. Na gwada hana fitarwa in babu kaya a rubuce, ciniki ya tsaya, darakta ya ce a buɗe. Yanzu mai mangaza yana shigar da takardun karɓa kowace yamma. Kada ka gyara adadin da ƙidayar kaya, domin in takardar karɓa ta shigo daga baya kayan za su ninku. Shawarar ta darakta ce, kuma ya sani."

Gargaɗin "kada ka" shi ne abin da ya fi tsada a nan, domin sabon zuwa mai ƙwazo abin da zai fara yi ke nan. Haka za ka yi da kuɗin da ke kwance a asusun jira ba a san mai su ba, da faktir ɗin da aka tabbatar a Odoo amma ba a samu shaidarsu ta SECeF, tsarin DGI na tabbatar da faktir, ba: ka ba da lambobinsu, ka faɗi wanda ke bin maganar. Ka jera matsalolin bisa ranar da za su ciji mutum. Wadda ke da alaƙa da rufe wata ko da haraji ta hau sama, ko da gyaranta ƙarami ne. Abin da ke da ranar ƙarewa, kamar takardar shaidar HTTPS da sunan yanki da kwangilar mai ba ku tallafi, ka rubuta ranar da wanda ke biya.

In ka taɓa gyara lambar Odoo ta asali kai tsaye a saba, ba ta hanyar ƙarin manhaja ba, nan ne wurin faɗa, da sunan fayil. Sabuntawa ta farko za ta shafe gyaran.

Kalmomin sirri ba sa shiga takardar. Takarda tana yawo a imel, ana buga ta, ana barinta a kan tebur. Ka rubuta sunan kowane asusu da abin da yake buɗewa da inda aka adana sirrinsa, ka miƙa sirrin daban, a canza su duka ranar da ka fita. Wannan kariya ce gare ka ma, kada gobe wani abu ya faru a ce ai wane yana da mabuɗi.

Gwajin takardar

Mataki na ƙarshe ka zaunar da magajinka a gaban injin, takardar a hannunsa, kai kuma ka naɗe hannu. Ka sa ya ɗauko ajiyar daren jiya ya tayar da ita a wata kwamfuta daban da `pg_restore`, ya mayar da `filestore` wurinsa. Kafin ya kunna Odoo a kan kwafin, dole ya kashe masa baki, in ba haka ba kwafin zai ɗauka shi ne na gaskiya ya fara aika wa abokan ciniki tunin bashi:

```
UPDATE ir_cron SET active = false;
UPDATE ir_mail_server SET active = false;
```

Daga Odoo 16 akwai `odoo-bin neutralize -d` da sunan rumbun, wanda ke yin wannan da ƙari. Sannan ya buɗe wata tsohuwar faktir ya ga takardar da aka maƙala mata ta buɗu, ya fitar da rahoton ciniki na watan da ka maƙala ya gwada da 701 da 443. Duk inda ya ɗago kai ya tambaye ka, kada ka amsa da baki. Ka karɓi takardar ka rubuta amsar a ciki, ka mayar masa ya ci gaba. In an gama, ku sa hannu ku biyu da kwanan wata, darakta ya samu kwafi, kwantabul ma ta samu nata, a ƙasa kuma ka rubuta har zuwa wace rana za a iya kiranka a waya da irin tambayar da ta cancanci kira.